Leda mai hoton koren ganye: wa ya taɓa ganin ta narke?

Hajiya Ladi: Assalamu alaikum. Abinci nake sayarwa a Kano. Na koma sayen wata leda mai hoton koren ganye, wadda aka rubuta mata cewa tana narkewa ta koma ƙasa. Ta fi ta gama-gari tsada, amma na daure saboda kwatar unguwarmu da ke toshewa. Da aka yashe kwatar bayan damina, sai ga ledojin da sunan shagona a jiki, ko yagewa ba su yi ba. Jama'a, cuta ta aka yi ko ban fahimci rubutun ba?

Injiniya Sani: Hajiya, na yi aiki a masana'antar leda. Yawancin irin wannan, robar da kika sani ce, sai a zuba mata sinadari kamar kashi 1 cikin 100, mai gishirin ƙarfe ko manganis. Sinadarin ba ya aiki sai da hasken rana da zafi da iska. Ledar da ta nutse cikin taɓon kwata ta rasa rana, iska ma kaɗan ce, shi ya sa kika same ta lafiya lau. Wadda ta maƙale a ƙaya tana shan rana za ta yi rauni ta marmashe, amma marmashewa daban, zama taki daban. Ɓurɓushin robar yana nan cikin ƙasa, ido ne kawai ya daina gani. A 2019 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun bayyana cewa ledojin da suka binne shekara 3, cikinsu har da masu wannan tambarin, sun fito suna iya ɗaukar kaya. Tarayyar Turai kuwa ta hana irin wannan roba daga 2021.

Alhaji Bala: Injiniya, ka faɗi naka, a ji namu. Ni ina buga ledar nan, kuma ban ƙirƙiri komai ba. Mai sayar mana da sinadarin ya kawo takardar gwaji, kuma Saudiyya da Daular Larabawa sun taɓa wajabta irinta. Mu nan ba mu da mai kwashe shara yadda ya kamata, leda a fili take ƙarewa, a rana. Wadda za ta marmashe ba ta fi wadda za ta shekara da shekaru ba? Ban taɓa rubuta cewa a zuba a kwata ba.

Hajiya Ladi: Alhaji, ba ka kuma rubuta cewa sai da rana ba. Da na ga wannan sharaɗin, da ban ƙara kuɗina ba. Abin da ya fi ci mini rai, da bakina na riƙa gaya wa masu saye cewa ba ta da illa, yara suka riƙa yar da ita ko'ina.

Malam Isa: Ni mahauci ne. Muna buɗe tumbin saniya mu ciro dunƙulen leda, wani sai da hannu biyu. Dabbar tana ci amma tana ramewa. Ya kamata gwamnati ta hana ledar fiya wata kawai kowa ya huta.

Injiniya Sani: Malam Isa, ta ruwa wata magana ce, amma abin da ka gani yana da alaƙa: a cikin tumbi ma babu rana.

Rabi'atu: Ni na koma ta sitacin masara, wannan kam tabbas tana ruɓewa ko'ina aka jefa ta.

Injiniya Sani: Wasu suna ruɓewa a takin gida, ƙanwata, amma da yawansu sai a wurin haɗa taki na masana'anta, inda zafi ke kai wa digiri 58 na tsawon watanni. Ki duba jikinta: an faɗi wurin da za ta ruɓe, da tsawon lokaci, da lambar ma'aunin da aka gwada ta, irin su EN 13432? In ganye ne kawai da kalma mai daɗi, babu alkawarin da za ki riƙe su da shi.

Mamman na Maraɗi: Mu a Nijar tun 2014 aka yi dokar hana siririyar leda, amma ku zo kasuwa ku gani. Ina narka tsohuwar leda, kuma in mai sinadarin nan ta yi yawa a ciki, abin da aka ƙera yana saurin tsagewa a rana. Ba ma iya tantance su da ido.

Alhaji Bala: Na ji. Amma ku sani, wanda na fi sayar wa kaya shi ke cewa a sa masa ganyen. In na ƙara rubuta sharaɗin rana da iska, gobe ya koma wurin maƙwabcina da bai rubuta ba, ma'aikatana su zauna. Hukuma ta ɗora dokar a kan kowa, ni ne farkon bi.

Hajiya Ladi: Dokar kare masu saye ta 2018 ai ta riga ta hana tallar da ke ɓatar da mutum, Alhaji. Zan kai ƙorafi hukumar kare masu saye, da ledar a hannuna. Akwai wanda ya taɓa kaiwa a cikinku, kuma takardun me suka nema?