WACC ɗina ya fito 9.7%, a ina na kauce?

Ɗalibi daga Farin Gada: Salam jama'a, a taimaka min da asayimen ɗin WACC, wato matsakaicin tsadar kuɗin da kamfani ke aiki da su, bashi da jari a haɗe. Kamfani na da bashin banki miliyan 400 a kan ruwa 24%, jarin masu kamfani a littafi miliyan 600, hannun jari guda miliyan 300 kowanne ₦4 a kasuwa, haraji 30%. An ba mu bon ɗin gwamnati 18%, beta wato ma'aunin kasadar hannun jarin 1.2, ladan kasadar kasuwa 10%. Ni dai rabon riba na kwabo 20 na raba da ₦4 na samu 5% a matsayin tsadar jarin masu kamfani.

Anti mai odit, Rayfield: Ƙanena, tun kafin ka taɓa kalkuleta ya kamata ka ji wani iri. Gwamnati na biyan 18% ba kasada, wa zai zuba kuɗinsa a kamfani don 5%? Kuma mai hannun jari shi ne ƙarshe a layin biya in kamfani ya durƙushe, to dole abin da yake nema ya fi na banki. Rabon riba wani yanki ne kawai, CAPM ake so ka yi, lissafin ribar da mai hannun jari ke nema bisa kasada, shi ya sa aka ba ka beta. Re tsadar jari ce, Rd tsadar bashi bayan haraji:

```
Re = 18% + 1.2 × 10% = 30%
Rd = 24% × (1 − 0.30) = 16.8%
WACC = 0.75 × 30% + 0.25 × 16.8% = 26.7%
```

0.75 ɗin daga farashin kasuwa ya fito, miliyan 300 sau ₦4 biliyan 1.2 kenan, ka haɗa da bashi ya zama 1.6. Miliyan 600 ɗin nan tarko ne, da shi 24.7% za ka samu.

Oga na Terminus: Ashe bashi ya fi araha kenan tunda gwamnati na ɗauke kashi 30 na ruwan, to su ƙara cin bashi kawai WACC ya sauko mana.

Anti mai odit: Yallaɓai, da gaskiyarka amma rabi. Bashi na ƙaruwa beta na hawa, banki ma ya ƙara ruwa, ba za ka canza 0.25 ka bar 30% a zaune ba. Sannan rangwamen harajin sai in akwai ribar da za a cire ruwan daga cikinta. Ruwan shekara a nan miliyan 96 ne, harajin da ya rage miliyan 28.8, kamfanin da ke ta tafka asara bai ga ko sisi ba a shekarar, in haka zai ci gaba 24% za ka sa, WACC ya koma 28.5%.

Malam daga Bukuru: Ni kam kuɗin ruwan ne bai kwanta min ba. Mu da murabaha muka sayi injin niƙa a Jaiz, mu ba mu da WACC kenan?

Oga na Terminus: Kuna da shi Malam, ai ribar da suka ɗora ita ce tsadar kuɗin. Ko tana samun rangwamen haraji daidai da ruwa, wannan sai Anti ta dawo.