Fayif ɗin PVC, baƙar roba ko ƙarfe: wanne zan binne?

Habibu: Assalamu alaikum. Zan ja ruwa daga bohal zuwa tanki, mita 300, fayif inci 2. Tankin ya fi bakin bohal tsayi da mita 20, ƙasar kuma laka ce mai tsagewa da rani. Filamba ya ce PVC mai PN6 ya isa, yayana ya ce sai ƙarfe, kuɗin kuma na marayu ne. Har na ba da kafin alƙalami na PVC. Ku taimaka.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Malam Habibu, kowace mita 10 ta tsayi matsin ruwa ne na bar 1, kenan kana da bar 2, gogayyar ruwa a cikin fayif ta ƙara kamar rabin bar. A takarda PN6, wato mai jure matsin bar 6, ya isa. Amma an auna lambar ce da ruwa mai zafin digiri 20. Idan ya kai 40, kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin ya tafi. Ga kuma bugun da ruwa ke yi duk lokacin da sumo ya tsaya farat ɗaya. Ka ɗauki PN10.

Abin da ya fi damuna lakar ce. PVC sanda-sanda yake zuwa, kusan mita 6, wato mahaɗa wajen 50, kowace da gam. Laka ta kumbura da damina ta tsuke da rani, a mahaɗar yake tsagewa. Baƙar roba, wadda aka buga wa PE100 SDR17, naɗi uku na mita 100 ta gama aikin, mahaɗa biyu kacal a tsakani, kuma tana lanƙwasa ta bi motsin ƙasa. Ta fi PVC tsada, amma ƙarfe ya ninka su duka.

Alhaji Bala: Injiniya, ƙarfe dai ƙarfe ne. A sayi mai jan fenti, shi ne mai kauri. Roba ko fartanya ta huda ta.

Injiniya Sani: Alhaji, a sarari gaskiyarka, a hawan tanki da tsallaken kwalbati shi za a sa. A cikin laka mai danshi kuwa tsatsa tana farawa daga bakin da ake murɗawa, inda aka kankare rufinsa, sai ka ga jan ruwa kafin shekara 20. Robobin nan shekara 50 aka tsara musu. Maganin fartanya zurfin santimita 60 zuwa 90, da yashi santimita 10 a ƙasa da sama.

Maman Ilham: Ni filambobi ne matsalata. Fayif ɗin magudana suke binnewa su karɓi kuɗin mai matsi. Ka karanta rubutun jikinsa da idonka. Kuma in layin ya bi ta inda dizal ke zuba, yana ratsa baƙar roba ya ɓata ruwan.

Habibu: Na gode, amma filamban ya shekara yana wannan aiki, kuma mai shago ba ya mayar da kuɗi. In na ƙara yashi, PN6 ɗin ba zai yi ba?

Alhaji Bala: Na dai ce ƙarfe.