An ce awa huɗu, amma an ba ni kwana uku: nawa zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na nemi aikin haɗa manhaja a wani kamfani, sai suka turo min aikin gwaji in yi a gida. Ƙaramin API ne na asusun ajiya: a buɗe asusu, a zuba kuɗi, a cire, a duba saura. Sun ce kada in wuce awa huɗu, amma in miƙa cikin kwana uku. Da FastAPI zan yi. Ina so in ƙara shafin shiga da kalmar sirri, da Docker, da fuska ta React don in burge su. Ina Kabuga, wuta ba tabbas. Me masu dubawa suke kallo ne?

Wani daga Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, kwana ukun nan naka ne, ka cinye su duka. Wa zai tsaya maka da agogo? Sauran masu nema ma haka za su yi. Idan ka gama ka haɗa komai a `commit` ɗaya ka tura, shi ke nan. Amma ka rubuta gwaje-gwaje, wannan kam suna so.

Wata injiniya daga Hotoro: Ƙanena, ina cikin masu duba irin wannan aiki a wurin aikinmu, bari in gaya maka yadda nake yi. Aikinka ba shi kaɗai ke gabana ba, ga kuma nawa aikin yana jira. Farko ina sauke shi, in buɗe README, in bi abin da ka rubuta layi bayan layi. Idan ya tashi, sai in ci gaba da karatu da sakin fuska. Idan ya ƙi tashi, gaskiya raina ya riga ya ɓaci kafin in ga kyan kod ɗinka. Kuma yawanci abin da ke hana shi tashi ba wani babba ba ne: mutum ya girka wani abu a laftof ɗinsa tun bara, ya manta bai sa shi a `requirements.txt` ba. A wurinsa yana tafiya lafiya, a wurina ya tsaya. Maganinsa minti goma ne. Kafin ka tura, ka zama ni:

```
git clone . /tmp/gwaji
cd /tmp/gwaji
python -m venv v && . v/bin/activate
pip install -r requirements.txt
pytest
```

Duk abin da ya fashe a nan, da a hannuna zai fashe.

Bayan ya tashi, ba na fara gwada abin da aka saba. Na san zuba dubu biyar a cire dubu biyu zai yi aiki a wurin kowa. Ni cewa zan yi a cire -500. Idan kod ɗinka ya tsaya a duba ko kuɗin da ke ciki ya kai abin da za a cire, zai ga dubu uku ta fi -500, ya amince, ya ɗebe, saura ta koma 3,500. Ka ga mutum ya ƙara wa kansa kuɗi ta ƙofar cirewa. Na ga wannan a aikin da ke da fuska mai kyau ƙwarai, launuka da komai, kuma bai wuce ba. Daga nan sai in gwada sifili, in gwada asusun da babu shi in ga ko 404 za ka ba ni ko 500, in gwada cire fiye da abin da ke ciki.

Sai kuma yadda ka ajiye kuɗin. Buɗe Python ka buga `0.1 + 0.2`, za ka ga `0.30000000000000004`. Saboda haka kada ka ajiye naira a `float`. Ka mai da komai kwabo, cikakkiyar lamba: naira 1,500 da kwabo 50 ta zama 150050. Duk mai duba aikin kuɗi idonsa na nan.

Da ni ce, ga yadda zan raba awa huɗun. Rabin awa in karanta takardar sau biyu, in rubuta abin da aka nema da abin da ba a nema ba. Awa biyu kan ayyuka huɗun, da SQLite, don kada ya zama sai mai dubawa ya girka rumbun bayanai. Minti arba'in da biyar kan gwaje-gwaje, biyar ko shida sun isa idan sun taɓa wuraren da na ambata. Abin da ya rage na README ne da wancan gwajin na sabon wuri. React da shafin shiga ka bar su, ba a tambaye ka ba, kuma duk layin da ka ƙara ƙofa ce ta kuskure da za a lissafa maka.

Wani daga Tarauni: Ni dai ku yi hattara. Wani kamfani ya taɓa ba ni "gwaji" da ya ci min mako guda, har da haɗa biyan kuɗi na gaske. Kullum ina zuwa shagon abokina kusa da Farm Centre don yana da sola. Na tura, har yau ko "mun gani" ba su ce ba. Tun daga nan, duk gwajin da ya yi kama da kayan da za su sayar, ba na yi.

Mai tambaya: Allah ya musanya maka da mafi alheri, Yaya. Nawa dai ƙarami ne. Anti, na gode ƙwarai. To idan awa huɗun ta cika ban gama ba fa? Misali, mutum biyu su cire kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci guda, na san matsala ce, amma ban tabbata zan kai gare ta ba.

Injiniyar: Ka tsaya, ka rubuta. A ƙasan README ka yi sashe na abin da ba ka yi ba: "Buƙatun cirewa biyu a lokaci guda za su iya karanta saura ɗaya su wuce tare. Da na sami lokaci, zan haɗa dubawa da cirewa a umarni ɗaya na `UPDATE` mai sharaɗi." Layi biyu ke nan, amma sun nuna min ka hango ramin. Sau da yawa daga nan tambayoyin intabiyu za su fito, kai kuma ka riga ka shirya. Wanda ya yi shiru, sai in ɗauka bai ma san da matsalar ba.

Game da `commit` ɗaya kuwa, ban yarda da ɗan'uwanmu ba. Ina buɗe `git log` don in ga yadda mutum ke tunani: tsari, zuba kuɗi, cirewa, gwaji, gyara. Guda shida ko takwas masu bayani sun fi min dunƙule ɗaya mai suna `final`. Ka sa `.env` a `.gitignore` tun kafin na farko, don abin da ya shiga tarihi goge fayil ba ya fitar da shi.

Wuta kuma, awa huɗun ba dole a zama ɗaya ba, sai in takardar ta ce haka. Ka girka komai tun kana da caji da data, ka yi biyu bayan asuba, biyu gobe. Idan ka ga ranar za ta kufce, ka tura imel tun kafin ta cika.

Na Sabon Gari: Hajiya, na karɓi maganar `commit`. Amma tsakani da Allah, idan wani ya yi awa ashirin ya kawo aiki mai sheƙi, wannan yaron ya kawo na awa huɗu, wa ogan zai ɗauka?

Injiniyar: Ba zan ɓoye maka ba, a ofishinmu ma mun sha sa-in-sa kan haka. Akwai abokin aikina da sheƙin ke ɗaukar hankalinsa. Ni kuwa idan na ga aikin da ba ya yiwuwa a awa huɗu, sai in tambayi mai shi nawa ya ɓata, kuma amsar tana da nauyi a wurina. Idan ka wuce da awa ɗaya, ka faɗa a README.

Mai tambaya: Na ajiye React. Docker ne har yanzu nake wasi-wasi, don a tallan aikin sun ambace shi, a takardar gwajin kuma babu. Zan tura musu imel yau da daddare in tambaya, gobe bayan asuba in fara in sha Allah.