Gaisuwar surukai a Sakkwato: in ce "lahiya lau" ko in tsaya a bakina?

Nasiru Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu gardama. Ranar Asabar zan je gaida surukai a Sakkwato, karo na farko. Abokina ya ce baƙo da harshen gari yake gaisuwa, in koyi "lahiya lau" da "ƙaƙa gida" in burge su. Kawuna ya ce kul na soma. Wa ya fi gaskiya?

Auwalu Direba: Abokinka. Shekara tara ina ɗaukar hanyar Kano zuwa Illela, kuma da na wuce Gusau nake sauya baki. "Lahiya lau" nake cewa a tasha, "awo" nake cewa maimakon "e", ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Har rangwame ake min a wajen mai tuwo.

Hajiya Luba: Auwalu, tasha daban, zauren surukai daban. A tasha kowa ya san wasa kake, shi ma ya mayar maka da "lafiya ƙalau" yana dariya, a wuce wurin. Yaron nan durƙusawa zai yi gaban dattijo.

Malam Bello Gwadabawa: Ni Basakkwace na, bari in hwaɗa maka abin da kunnenmu ka ji. Zan koma rubutun boko don kowa ya bi. Matsalar "lahiya" ita ce ba kalma ɗaya ba ce da za ka ara ka mayar, hali ne na bakin gaba ɗaya. Inda Bakano ke da fi ko fe, mu hi da he muke yi: lahiya, tahi, sahe. Inda yake da fa, mu hwa: hwara, hwaɗi. To a ce ka shiga zaure, baban yarinya ya ce maka "an zo lahiya?" ka ce "lahiya lau, Baba." Shi ke nan, ka ci wannan. Sai ya ce yaushe ka taso. Ka ce "da safe na taso, na tafi tasha na tarar mota ta fara cika." Cikin numfashi ɗaya ka jera safe, tafi, fara, duk da bakin Kano, bayan ka gama cewa lahiya. Nan take kowa a zauren ya gane aro ka yi. Dattijo ba zai ce komai ba, amma ƙannen yarinya da ke bakin ƙofa za su riƙe, kuma sunanka ya zama Lahiya Lau har ka aurar da 'ya'ya.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne mun saba jin ana kwaikwayon bakinmu don a yi dariya. Idan mutumin gabas ya buɗe baki da "ƙaƙa", abu na farko da ke zo mana shi ne ko tsokana ce. Kai da Bazazzagi akwai wasa tsakaninku, kana iya kwaikwayonsa ya rama. Da surukinka babu wannan ƙofar.

Sadiya M.: Malam, nawa kuskuren ta ɗaya gefen ya zo, wajen ji. An kai ni biki can wajenku, wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce "ƙaƙa ɗiya?" Ni kuwa maza uku gare ni, kuma dangin miji sun dame ni da zancen ban haifi mace ba. Raina ya sosu, na ce "ai ba ni da ɗiya, Inna, duk maza ne." Sai ta yi sororo, matan ɗakin suka fashe da dariya. Ashe yara take tambaya gaba ɗaya.

Malam Bello Gwadabawa: Haka ne, Hajiya Sadiya. Wurinmu ɗiya na nufin 'ya'ya, maza da mata, yana kuma nufin 'ya mace, murya ce ke raba su: na 'ya mace yana farawa ƙasa ya hau, na jam'i a sama yake duka. Amsar da take jira "suna lahiya" ce kawai. Nasiru ya lura da wannan, abin da ya kamata ya koya kafin Asabar shi ne ji. Faɗi ya bar shi yadda yake.

Injiniya Kabiru: Ni ban ga abin gardama ba. Akwai daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan Kananci, da ita aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da ita ake karanta labarai a rediyo. Ya yi gaisuwa da ita, ita ce daidai, sauran duk karkacewa ne.

Hajiya Luba: Shawararka ta yi, dalilinka ne bai yi ba. Ya je ya gaya wa surukinsa bakinsa karkatacce ne mu gani ko zai dawo da mata. An daidaita rubutu ne, Injiniya, ba a daidaita zaure ba.

Issoufou na Maraɗi: Ku bar ni in sa baki daga Nijar. Ni ina ganin Malam Bello ya tsananta kaɗan. Baƙo ya yi ƙoƙarin bakinmu, mu daɗi muke ji. Inda na ga 'yan Najeriya na tuntuɓe shi ne amsa. Mu "ina" muke jerawa: ina gida, ina aiki, ina gajiya, ina zaman duniya. Kowace da abokiyar tafiyarta. Aiki da godiya. Babu gajiya. Zaman duniya sai hanƙuri. Wani abokin kasuwancina daga Kano, duk abin da tsohonmu ya tambaye shi sai ya ce "lahiya lau", har da ina gajiya. Da ya tafi tsoho ya ce mini yaron kirki ne amma kamar hankalinsa na wani wuri.

Auwalu Direba: To ai ka ga ni ya goya wa baya.

Issoufou na Maraɗi: Rabi. Cewa na yi ya san amsar kowace tambaya. Ko da fi ya faɗe ta babu laifi.

Nasiru Ɗan Fagge: Yanzu na tuna wani abu. Rannan na kira wadda zan aura da hantsi, ƙanwarta ta ɗauka ta ce "tana kwana." Na ce a ina take kwana? Yarinyar ta kashe waya tana dariya, ni kuma na wuni ina saƙe-saƙe.

Malam Bello Gwadabawa: Barci take yi, ɗana. Kwana wurinmu barci ne, ko da rana tsaka. Shi ya sa ma a saƙon waya "ina kwana" ke iya zama biyu: gaisuwa, ko kuma mutum na cewa barci yake. A baki ba a ruɗewa, don ina ta tambaya ƙasa take farawa, ta "ni ina" kuma sama. Rubutu ne ba ya nuna murya. Idan za ka tura wa baban yarinya saƙo, sa alamar tambaya, ko ka rubuta "barka da kwana."

Ranar Asabar ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce "ina wuni, Baba" da bakin da aka haife ka da shi. Ya ce ƙaƙa hanya, ka ce lafiya lau. Ya ce ina gajiya, ka ce ba gajiya. Kada ka riga shi tsayawa, shi zai yanke gaisuwar.

Hajiya Luba: Kuma kada bakinka ya suɓuce ka ce "ya kake." Wannan ko a Fagge ba a yi wa suruki.

Auwalu Direba: Ni dai har gobe ina nan a kan bakana. Bayan shekara biyu da aure ku zo ku ji shi, da kansa zai riƙa cewa awo.

Malam Bello Gwadabawa: In ya kama shi da kansa ai ba aro ba ne. Nasiru, wace unguwa za ka?