Abin da 'yan wasa suka ce kan cin data a Kumasi

Tun da zancen yadda wasannin waya ke cin data ya yi tsawo, ga abin da na tattara daga bakin 'yan uwa na Zango da Aboabo.

1. Kusan kowa ya yarda ba wasan kansa ke cinye data ba. Awa ɗaya a Free Fire ko PUBG Mobile yawanci ba ta kai megabait 100. Ɓarnar tana wajen sabuntawa da sauke taswira, inda gigabait guda kan tafi a zama ɗaya. Wani ya ce ya sayi bandil da safe, kafin azahar ya ƙare, ashe wayar ce ke sabunta manhajoji da kanta. Maganin shi ne a shiga Play Store, a mai da Auto-update apps zuwa Wi-Fi kaɗai.

2. Manyan saukewa a bar su sai dare, lokacin bandil mai araha, amma a duba ƙarfe nawa yake ƙarewa.

3. Kafin a zargi wasa, a duba Data usage a saitin waya a ga wace manhaja ce ɓarauniyar. Sau da yawa bidiyon TikTok ne tsakanin wasa da wasa.

Inda aka rabu: wasu sun ce rage kyawun hoto yana rage cin data, wasu suka ce batir da zafin waya kawai yake taimaka wa. Ni ina tare da na biyun, domin hoton yana cikin wayar tun farko. An kuma yi gardama kan hira da murya: tana ƙara ci, amma masu wasan ƙungiya sun ce ba za su kashe ta ba.