Ruwa a bayan dodon kunnen yaro: mu jira ko mu yarda a sa bututu?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Yarona ne ɗan shekara huɗu, tun lokacin hunturu da ya sha mura muka lura sai an ƙwala masa kira sau biyu sau uku kafin ya waiwayo, talabijin kuma sai ya matsa gabanta ya ƙure murya, malamar Islamiyyarsu nan Mabera har ta ce taurin kai ne, ni kaina na sha yi mai faɗa wallahi, yanzu abin na damuna. Ba ciwo, ba zazzaɓi, kunnen bai zubar da komai.

Mun je wurin likitan kunne ya haska ya ce ruwa ne mai kauri ya taru a bayan dodon kunnen duka biyu, wai 'yar hanyar da ke kai iska daga bayan hanci zuwa kunne ce ta toshe, kuma maganin ɗigawa ba ya kai wa wurin tunda dodon a rufe yake. Ya ce a jira wata 3 don yawanci da kanshi yake janyewa. To mun jira, an sake awon ji, har yau ba canji, maganarshi ma wasu kalmomin a cinye suke fita.

Yanzu likitan ya kawo zancen tiyata, a ɗan tsaga dodon a tsotse ruwan a sa ɗan ƙaramin bututu, wai bayan wata 6 zuwa shekara yake faɗowa da kanshi. Babanshi tsoron allurar barcin yake, ya ce mu ƙara jira. Wanda aka yi wa ɗanshi, jin na dawowa nan take? In bututun ya fita ruwan na sake taruwa? Kuma yana minshari baki buɗe, shin a duba naman bayan hancin tun kafin a shiga aikin?