Takardar sanarwar gidauniya ta ƙi shiga shafi ɗaya, ku taimaka

Salamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Ni ne sakataren ƙungiyar iyayen yara a lakwal ɗin unguwarmu nan Maraɗi, za mu yi taron gidauniya ran Asabar ƙarfe tara na safe don sayen tebura, ɗalibai da yawa bisa tabarma suke karatu har yanzu.

Direkta ya ce komi ya shiga shafi ɗaya A4, Hausa da Faransanci. Na sa kai "Mu ɗauke ɗiyanmu daga ƙasa", ƙarƙashinsa rana, lokaci, wuri, sai sunayen manyan baƙi da suka cinye rabin takardar. Na rage rubutun zuwa 9 ya shiga, amma da aka yi fotokofi baƙi da fari wallahi lambar wayar ko karantuwa ba ta yi, hoton ajin kuma ya koma baƙi ƙirin.

Inda na fi maƙalewa layin ƙarshe. In rubuta "kowa ya ba da abin da Allah ya hore mai" ko in faɗi kuɗin tebur guda ƙarara, kada mai jaka ɗaya ya ji kunya ya ƙi zuwa? Kuma in cire sunayen baƙin ko za a ga raini?